Daidaita Keɓaɓɓun Kalmomin Yarjejeniya a Saƙon Imel Mai Harshe Biyu: Misali daga Cinikin Taki Cikin Hausa da Ingilishi

Tsakure

Wannan maƙala ta duba abin da kan faru idan aka rubuta sharuɗɗan ciniki cikin Hausa da Ingilishi a saƙon imel, mai fassara kuma ya riƙa sauya kalma daga saƙo zuwa saƙo. An gina bayanin a kan wani misali da aka tsara domin nazari, na cinikin buhu 600 na takin zamani, aka bi diddigin wurare uku da ma'ana ta fi kuɓucewa: kuɗin da ake biya kafin a karɓi kaya, miƙa kayan, da kuma bambancin wajibi da zaɓi. Maƙalar ta nuna cewa sauya kalma, wanda ake yabo a rubutun zube, illa ce a yarjejeniya, domin mai karatu yana ɗaukar sabuwar kalma a matsayin sabon sharaɗi. Daga ƙarshe an kawo matakan tsayar da kalma ɗaya ga ma'ana ɗaya, da hanyar gane ko an dace, da iyakar wannan hanya.

Fitilun kalmomi: keɓaɓɓun kalmomi, fassara, yarjejeniya, imel, kafin alƙalami

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin insha'i ana koya masa ya guji maimaita kalma. Idan ya ce *sarki* a jimla ta farko, ana son ya ce *mai martaba* a ta biyu, ya ce *uban ƙasa* a ta uku. Masu tsara takardun shari'a kuwa akasin haka suka gada. A wurinsu kalma ɗaya ma'ana ɗaya take ɗauka daga farkon takarda zuwa ƙarshenta, idan kuwa aka ga marubuci ya sauya kalma, ana kyautata zaton ya sauya nufi ne. Wannan zato yana cikin ƙa'idojin da kotunan da ke bin tsarin shari'ar Ingila suke amfani da su wajen fassara takarda. Shi ne kuma ginshiƙin ilimin keɓaɓɓun kalmomi kamar yadda Eugen Wüster (1898–1977) ya assasa shi: a fara da tantance abin da ake nufi, sannan a ba shi suna guda, kada a ba wani abu wannan suna.

Mai fassara saƙon ciniki zuwa Hausa yana tsakanin waɗannan tarbiyyoyi biyu, kuma sau da yawa ta farkon ce ke rinjaye. Abin da maƙalar ke son bayyanawa shi ne dalilin da ya sa tilas ta biyun ta rinjaya a duk jimlar da ta ƙunshi kuɗi ko wa'adi ko nauyin da aka ɗora wa wani.

2.0 Dalilin da Ya Sa Imel Ya Fi Takarda Haɗari

Yarjejeniyar da aka buga a takarda rubutu ɗaya ce, mutum ɗaya yakan fassara ta a zama ɗaya, ya karanta ta daga sama har ƙasa. Yarjejeniyar da aka ƙulla ta imel kuwa a warwatse take. Farashi yana cikin saƙon Litinin, wa'adi yana cikin na Alhamis, amincewa tana cikin amsar layi biyu da aka rubuta a waya ana cikin mota. Mai yiwuwa akawun da ya fassara saƙon farko ba shi ne ya fassara na uku ba, kuma da wuya na biyun ya koma ƙasan zaren saƙonnin ya duba kalmar da na farkon ya zaɓa.

Duk da wannan sassauci na rubutu, saƙonnin suna da nauyi a gaban shari'a. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011 ya ba da damar karɓar bayanin da na'ura mai ƙwaƙwalwa ta fitar a matsayin shaida idan an cika sharuɗɗan da sashen ya gindaya. Ke nan kalmar da aka rubuta cikin gaggawa tana iya zama abin da lauyoyi biyu za su yi jayayya a kai bayan shekara guda.

3.0 Misalin da Aka Tsara

A ƙaddara wani ɗan kasuwa a Kano zai sayi takin zamani buhu 600, kowane buhu kilo 50, daga wani kamfani a Legas. An daidaita a kan naira 40,000 kowane buhu, jimla naira 24,000,000. Kamfanin yana rubutu da Ingilishi, wani ma'aikacinsa yana sa fassarar Hausa a ƙarƙashi, ɗan kasuwar kuma Hausar yake karantawa. An raba biyan kuɗin gida uku: kashi 10 cikin ɗari, wato naira 2,400,000, ranar ƙulla ciniki, kashi 20 cikin ɗari, wato naira 4,800,000, mako guda kafin lodi, sauran naira 16,800,000 kuma ranar karɓar kaya. Ga abin da ɓangaren Ingilishi na saƙon farko ya ce:

```
The Buyer shall pay a deposit of 10%, not refundable if the Buyer withdraws,
and an advance of 20%. Delivery shall be made within 14 working days.
```

Ingilishin bai sauya ba a duk tsawon zaren: kuɗin farko *deposit* ne, na biyu *advance* ne. Hausar ce ta yi ta yawo. A saƙo na farko an kira kuɗin farko *kafin alƙalami*, aka ce ba a mayar da shi idan mai saye ya fasa. A saƙo na biyu, da kuɗin suka shiga, aka rubuta cewa an karɓi *ajiyar* mai saye ta naira 2,400,000. A saƙo na uku, wani ma'aikaci daban ya tunatar da shi ya aiko da *kafin alƙalamin* naira 4,800,000. Ya aika. Bayan kwanaki kaɗan farashin taki ya faɗi a kasuwa, ɗan kasuwar ya fasa, ya nemi a mayar masa da kuɗinsa.

3.1 Kuɗi Biyu, Amsa Huɗu

Ya riga ya biya naira 7,200,000. Nawa za a mayar masa? Zaren saƙonnin yana iya ba da amsa huɗu, kowace kuma da jimlar da za ta dogara a kai.

Idan Ingilishi kaɗai aka bi, kamfani zai riƙe naira 2,400,000 ya mayar da 4,800,000. Asalin wannan bambanci tsoho ne a shari'ar Ingila. A shari'ar Howe da Smith ta 1884, kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta bayyana cewa *deposit* tabbaci ne da mai saye ya bayar cewa zai cika alkawari, saboda haka yana rasa shi idan ya saɓa. Kuɗin da aka biya a matsayin wani yanki na farashi kawai kuwa yana komawa ga mai shi idan ciniki ya rushe, sai dai a cire diyyar asarar da mai sayarwa ya tabbatar.

Idan aka haɗa Hausar saƙo na farko da ta na uku, kuɗin biyu duka *kafin alƙalami* ne, an kuma ce ba a mayar da kafin alƙalami. A wannan karatu ba za a mayar masa da ko kwabo ba. Idan kuwa aka bi sunayen ƙarshe da Hausar ta ba kowane kuɗi, na farko *ajiya* ne, na biyu ne *kafin alƙalami*, sai a mayar da 2,400,000 a riƙe 4,800,000, akasin abin da Ingilishi ya nufa. Amsa ta huɗu ita ce ta ɗan kasuwar: kuɗin farko kamfani da kansa ya kira shi ajiya, na biyu kuma Ingilishin bai ce ba a mayar da shi ba, don haka a ba shi 7,200,000 cif.

Kurakurai iri biyu ne suka haifar da wannan ruɗani, kuma ya kamata a rarrabe su. Na farko shi ne ba abu ɗaya suna biyu: kuɗin farko ya zama *kafin alƙalami* a nan, *ajiya* a can. Na biyu shi ne ba abu biyu suna ɗaya: *kafin alƙalami* ya rufe kuɗi biyu masu hukunci daban. Na biyun ya fi wuyar ganowa, domin mai dubawa zai ga kalma tana maimaituwa ya zaci daidaito ne.

Zaɓen *ajiya* ba ganganci ba ne gaba ɗaya, domin kalmar Ingilishin tana ɗaukar wannan ma'ana idan ana maganar zuba kuɗi a banki. Matsalar ita ce abin da kalmar ke ɗauke da shi a tunanin Bahaushe. Ajiya amana ce, mallakar mai ita ce, ana mayar masa da ita duk sa'ad da ya nema. Haka kowace kalma da ke kusa da ita take da nata hukunci: *jingina* ana fansar ta idan an biya bashi, *lamuni* yana nufin bashi ko tsaya wa wani. Ƙamus zai jera su a matsayin makusanta, amma a ciniki kowace tana kai kuɗi aljihu daban.

Ko *kafin alƙalami* ɗin ma ba ta isa ita kaɗai ba. A bakin jama'a tana nufin abin da aka fara bayarwa don a tabbatar da ciniki ko a soma aiki, ba ta faɗi makomar kuɗin idan an fasa ba. Akwai kuma wani dalili da zai hana mai karatun Hausa ya ɗauka cewa kuɗin zai salwanta. Cinikin arbun, wanda mai saye ke rasa abin da ya fara bayarwa idan ya fasa, mazhabar Malikiyya da ta fi yaɗuwa a ƙasar Hausa ba ta halatta shi ba, alhali Hanbaliyya ta halatta, kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta amince da shi a 1993. Wanda ya tashi da fahimtar farko ba zai karanta rasa kuɗi a cikin kalmar ba sai an rubuta masa ƙarara. Wanda ke ciniki da Faransanci, kamar ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram, yana da irin wannan tarko: *arrhes* da *acompte* duka kuɗin farko ne, amma bisa sashe na 1590 na kundin dokokin farar hula na Faransa, mai saye yana iya fasawa ya bar *arrhes*, mai sayarwa kuma idan shi ya fasa sai ya mayar da ninki biyu, alhali *acompte* yanki ne na farashin cinikin da ya riga ya tabbata.

3.2 Kai, Kawo, Miƙa

Matsala ta biyu ta taso daga ginin aikatau na Hausa. Kalmar *delivery* a Dokar Sayar da Kaya ta Ingila ta 1893, wadda Nijeriya ta gada kuma dokokin wasu jihohi suka bi sahunta, tana nufin sauya riƙon kaya daga hannun wani zuwa na wani da yardarsa. Ba ta ƙunshi tafiya ba. Hasali ma dokar ta ce idan ba a yi wata yarjejeniya a kan wuri ba, ana yin wannan sauyi a wurin kasuwancin mai sayarwa. A misalinmu, sito na kamfanin a Legas ke nan, kuɗin tirela daga can zuwa Kano kuwa yana kan mai saye.

Aikatau na Hausa ba ya yarda a ɓoye alkibla. *Kai* yana nuna tafiya daga wurin mai magana zuwa wani wuri. *Kawo*, mai ƙarshen *-o* na giredi na shida a tsarin da F. W. Parsons ya gabatar a 1960, yana nuna tahowa wajen mai magana. Idan ma'aikacin da ke Legas ya rubuta *za mu kai kaya*, ya yi alkawarin jigilar da Ingilishin bai yi ba. Idan ɗan kasuwar ya amsa da *Allah ya kai mu ranar da za ku kawo kaya*, ya tabbatar da fahimtarsa cewa Kano za a sauke, idan kuma ba wanda ya gyara, zaren zai ci gaba a kan fahimta biyu. Ƙari a kan haka, wurin da *kawo* ke nunawa yana sauyawa da sauyin marubuci: a saƙon Legas yana nufin Legas, a saƙon Kano yana nufin Kano.

Kalmar da ta fi dacewa ita ce *miƙa*, domin hannu da hannu take nunawa, ba nisan hanya ba. Sai a tsayar da *miƙa kaya* ga sauya riƙo, a keɓe *jigila* ga ɗauka daga gari zuwa gari, a kuma ambaci wurin da sunansa a kowace jimla: *miƙa kaya a siton Mai Sayarwa da ke Legas*. Dole kuma a tsare siffar aikatau ɗin, kada *miƙa* ta rikiɗe ta zama *miƙo* a saƙo na gaba, domin alkiblar da aka kora za ta dawo ta nan.

Wa'adin da ke cikin jimlar ma yana da irin wannan rauni. Idan aka ƙirga daga Litinin 3 ga Maris 2025, *kwana 14* zai cika ranar 17 ga Maris, amma *ranakun aiki 14* sai Juma'a 21 ga Maris. Mai fassarar da ya ce *ranakun aiki* a saƙon farko ya taƙaita zuwa *mako biyu* a na biyu ya zaftare wa kamfani kwana huɗu. Maganin wannan mai sauƙi ne: a rubuta ranar cikar wa'adi da lambobi a harsunan biyu.

3.3 Wajibi da Zaɓi

A yarjejeniyar Ingilishi *shall* yana ɗora nauyi, *may* yana ba da zaɓi. Mai fassara yakan mayar da na farko *zai*, na biyu *zai iya*. Amma *zai biya* labari ne game da abin da ke tafe, bai fito fili ya tilasta ba. *Zai iya biya* kuma yana da fuska biyu, ko an ba shi izini ko yana da ƙarfin aljihu. Tsakanin wajibi da zaɓi a irin wannan fassara kalma ɗaya ce tak mai harafi uku, wadda ke iya faɗuwa a rubutun waya.

Tarihi ya nuna girman abin da irin wannan bambanci ke iya jawowa. A yarjejeniyar Wucale ta 1889 tsakanin Sarki Menelik na Biyu na Habasha da Italiya, sashe na 17 a rubutun Amhariyanci ya ba Habasha zaɓin bi ta hannun Italiya wajen hulɗa da ƙasashen waje, rubutun Italiyanci kuwa ya mayar da abin tilas, Italiya ta dogara da shi ta ce Habasha tana ƙarƙashin kariyarta. Saɓanin yana cikin abubuwan da suka kai ga yaƙin Adwa a 1896.

A saƙon ciniki, abin da ya fi aminci shi ne a tsayar da furuci uku waɗanda ba su kama da juna: *wajibi ne* ga tilas, *yana da zaɓin* ga izini, *an hana* ga hani. Ba laifi idan an zaɓi *dole ne* a maimakon *wajibi ne*, muddin ba a cakuɗa su ba, kuma ba a bari *ya kamata* ta shigo ba, domin ita shawara take nunawa. Haka nan wakilin suna yana buƙatar tsaro. *Kamfani* da *mai saye* duka jinsin namiji ne, saboda haka jimlar *idan ya fasa zai biya shi diyya* ba ta faɗi wane ne ya fasa ba. A maimaita *Mai Saye* da *Mai Sayarwa* ko da jimlar ta yi nauyi.

4.0 Matakan Tsayar da Kalma

Mataki na farko shi ne a fara da ma'ana kafin kalma. Kafin a fassara komai, a jera abubuwan da yarjejeniyar ta ƙunsa, a tambayi kowanne: wa zai yi, nawa ne, yaushe, me zai faru idan ba a yi ba? Duk abu biyu da amsarsu ta bambanta ko da a wuri ɗaya, suna biyu suke buƙata. Da an yi wannan a misalinmu, tun farko za a ga kuɗin biyu sun rabu a tambaya ta ƙarshe.

Mataki na biyu shi ne zaɓen kalma. Ƙamusoshi irin na Bargery (1934) da na Roxana Ma Newman (1990) da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero (2006) suna nuna faɗin ma'anar kalma, kuma a nan amfaninsu yake: a ga sauran ma'anonin da za su iya ɓatar da mai karatu. Amma ƙamus ba ya yanke hukuncin ciniki. Kalmar aro da ta zauna a kasuwa, kamar *adibas*, ta fi sabuwar ƙirƙira da ba wanda ya taɓa ji, domin ɗan kasuwa ba zai tsaya tambaya ba, zai cike giɓin da zatonsa.

Mataki na uku shi ne a bayyana kowace kalma sau ɗaya, tare da adadinta da hukuncinta, a saman saƙon farko. Ga yadda jerin zai kasance a misalinmu:

| Ingilishi | Hausa | Abin da ake nufi a wannan ciniki |
|---|---|---|
| deposit | kafin alƙalami | naira 2,400,000. Ba a mayarwa idan Mai Saye ya fasa |
| advance | adibas | naira 4,800,000. Ana mayarwa idan ciniki ya rushe, bayan cire diyya in akwai |
| balance | cikon kuɗi | naira 16,800,000. Ana biya ranar miƙa kaya |
| delivery | miƙa kaya | danƙa buhu 600 ga Mai Saye ko direbansa a siton Legas |
| shall | wajibi ne | nauyin da rashin sauke shi saɓa yarjejeniya ne |

Bai kamata jerin ya wuce kalmomin da kuɗi ko wa'adi ko nauyi suka rataya a kansu ba. Gaisuwa da godiya da addu'a suna da 'yancinsu.

Mataki na huɗu ya shafi tsarin saƙo. A raba sharuɗɗa sakin layi gajeru masu lamba, kowane sakin Ingilishi Hausarsa na biye da shi a ƙarƙashin lamba ɗaya. Haka zai sa amsa ta iya cewa *mun amince da lamba 3* ba tare da sake faɗin sharaɗin da wasu kalmomi ba, domin a wurin sake faɗi ne sauyi ke kutsowa. Idan kuma buƙatar sauya kalma ta taso, a sanar a fili cewa daga wannan saƙo ana kiran abu kaza da suna kaza, a nemi ɗaya ɓangaren ya amsa.

5.0 Yadda Ake Gane an Dace

Gwaji na farko ƙirga ne. A buɗe zaren gaba ɗaya, a danna `Ctrl+F`, a nemi kalmar Ingilishi, sannan a nemi takwararta ta Hausa. Idan ta farko ta fito sau biyar ta biyu ta fito sau huɗu, akwai wurin da aka sauya suna ko aka sa wakilin suna. Idan ta fito sau shida, an ba wani abu daban sunanta. A lura cewa a misalinmu ƙirga kaɗai tana iya yaudara, domin an rasa *kafin alƙalami* ɗaya a saƙo na biyu an ƙara ɗaya a na uku, adadi ya yi daidai. Saboda haka bayan ƙirga sai a duba cewa kowace tana tsaye daura da takwararta.

Ƙa'idojin rubutu suna shafar wannan gwaji kai tsaye. Na'ura tana ɗaukar *alƙalami* da *alkalami* da *alqalami* a matsayin kalmomi uku, kuma duka ukun suna bayyana a rubutun waya. Gara a nemi guntun da bai ƙunshi harafi mai lanƙwasa ba kuma ba ya sauyawa da ɗafi, kamar *alami*. Raba kalmomi ma yana iya juya ma'ana: *za a ba shi* miƙawa ce, amma idan aka haɗe aka rubuta *bashi*, an shigo da kalmar da ke da nata hukunci a ciniki.

Gwaji na biyu ya fi na farko ƙarfi. A ba wanda bai ga Ingilishin ba ɓangaren Hausa kaɗai, a yi masa tambayoyin da amsarsu adadi ne ko suna: idan Mai Saye ya fasa, nawa za a mayar masa? Wa zai biya direba? Wace rana wa'adi zai cika? A yi wa wani irin tambayoyin daga Ingilishi kaɗai. Inda amsoshin suka saɓa, nan ne ɓarakar take. Wannan ya fi sake fassara Hausar zuwa Ingilishi, domin mai fassara na biyu yana iya mayar da *ajiya* zuwa ainihin kalmar da aka faro da ita, kuskuren ya ɓuya.

6.0 Iyakar Hanyar

Yawancin yarjejeniyoyi masu harshe biyu suna da sharaɗin da ke cewa idan rubutun biyu suka saɓa, harshe kaza za a bi. Ko a tsakanin ƙasashe, sashe na 33 na Yarjejeniyar Biyana ta 1969 kan dokar yarjejeniyoyi ya tanadi cewa rubutun kowane harshe da aka tabbatar yana da ƙarfi ɗaya, sai in ɓangarorin sun fifita wani. Sharaɗin yana da amfani, kuma wajibi ne shi ma a rubuta shi cikin harsunan biyu. Sai dai aikinsa raba gardama ne bayan ta auku. Ɗan kasuwar da ya yanke shawarar fasawa yana zaton kuɗinsa ajiya ne ya riga ya yi asara kafin a kai ga karanta wannan sharaɗi.

Daidaito kuma ba ya gyara zaɓi marar kyau. Wanda ya kira kuɗin farko *ajiya* tun daga saƙon farko har na ƙarshe ya daidaita kalmarsa, amma ya ɓatar da mai karatu a kowane saƙo. Shi ya sa bayanin hukunci da ke cikin jerin ya fi kalmar kanta muhimmanci. Haka nan jerin na ciniki ɗaya ne, ba ya zama ƙa'ida ga wani cinikin sai an sake duba shi. Bambancin karin harshe ma yana nan: kalmar da ta zauna a kasuwar Kano ba lallai ta zama ita ce a bakin ɗan Sakkwato ko ɗan Tawa ba, don haka a nemi mai karatu ya tabbatar da jerin a amsarsa ta farko.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna yadda sauyin suna sau biyu kacal ya mayar da tambaya ɗaya mai amsa huɗu, tsakanin sifili da naira 7,200,000, da yadda ƙarshen aikatau ya ɗora kuɗin jigila a kan wanda bai yi alkawarinsa ba. Hausa ba ta rasa kalmomin ciniki ba, yalwarsu ce ma take buƙatar tsaro, domin kowace tana tafe da hukuncin da al'ada da fiƙihu suka ɗora mata. Aikin da ya rage ga masana shi ne tattara kalmomin ciniki na Hausa tare da hukuncin kowace, daga bakin 'yan kasuwa da littattafan fiƙihu da bayanan kotuna, kamar yadda littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya yi wa fannin harshe da adabi. Ya dace kuma darussan fassara a sassan Hausa su ware wa ɗalibai atisaye a kan zaren saƙonni, inda za a auna su da tsayuwar kalma daga saƙon farko zuwa na ƙarshe.